Armaya'u Mai Kaset da Sojan Kebbe

Armaya'u ya yi shekaru yana sayar da kaset a tashar Tambuwal. A jikin kowanne yakan rubuta "Wa'azi mai ratsa zuciya", masu wucewa su gani su saya.

Rannan wani soja ɗan Kebbe ya dawo karɓar kaset ɗin marigayi mahaifinsa, Malam Bube, da ya bari a kwafa. Babu wani kwafi sai shi.

"Duba sunan Malam Bube, miƙo man!" in ji sojan.

Armaya'u ya duba. Ba suna ko ɗaya a teburin, kowanne zuciya yake ratsawa.

"Ranka shi daɗe, zamna mu saurara."

Sojan bai zauna ba. Aka yi ta sa kaset ɗaya bayan ɗaya, sai la'asar muryar mahaifinsa ta fito. Armaya'u ya rubuta suna, gari da shekara a gefen kaset ɗin. Kirarin dai ya bar shi a fuska, saboda masu wucewa.