Yaron Gado na Uku

Shekarar da sanƙarau ya sauka a Arewa, mu biyu ne malaman jinya a ɗan ɗakin maganinmu, ni da rana, abokin aikina da dare. Mai tashi yakan rubuta wa mai zuwa a kaye, wato littafin miƙa aiki: wane, gado kaza, ciwo kaza, allurar da aka yi da lokacin ta gaba. Lokotoro, Baturen likitanmu, ya hore mu a kan wannan rubutu har muna mafarkinsa.

Wata Bafillatana ta kawo yaro daga rugar da ke bayan Matankari, wuya ya sanƙare, jiki kamar garwashi. Na yi masa allurar farko, na tambayi sunansa. Ta sunkuyar da kai.

"Inna, sunan yaro nika tambaya."

"Wanga dai na," in ji ta.

Ɗan fari ne. Ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Na yi dariya, na ce da yamma in kawunsa ya zo na tambaye shi. Kafin yamma sai ga ɗan sandan kumandan, Baturen mulki, wai in hau doki yanzu-yanzu, ciwon ya ɓulla wajen Dumega. Wa ya isa ya ce a dakata? A tsaye na rubuta: yaron gado na uku, sanƙarau, allura da magariba da asuba, kada a tsallake. Na tafi ban ga abokina ba.

Ashe bayan tafiyata wani ya tsegunta wa dangin yaron cewa jiya aka ɗauke gawa daga gadon nan. Suka naɗe yaro a tabarma suka kai shi gindin aduwa bayan katanga, inda masu jinya ke girki. Abokina ya zo, ya karanta, ya tarar da gado babu kowa. Ya fita tsakar gida yana kiran mai gado na uku. Su wa ya gaya musu gado yana da lamba? Suna kuwa babu da zai kira. Mutanen daji sun saba sulalewa da marasa lafiyarsu, sai ya rubuta a ƙarƙashin nawa: ya gudu. Uwar tana kallon wucewarsa da allura safe da yamma, kunya ta hana ta tare namiji ta yi masa maganar ɗan fari.

Da na dawo bayan kwanaki, can na same su. Na ci gaba da allura ina zagin kayen, ina zagin dokin, don ban san wanda zan zaga ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Yaron ya tashi. Ran da za su koma ruga yana zaune ya ba mu baya, yana wasa da ƙasa. Uwar ta tafa hannu, bai motsa ba. Ta buga ƙwarya, shiru. Ta dube ni, ta dubi mutanen da ke wurin, sai ta buɗe baki ta ƙwala masa kira da sunansa, a gaban kowa, har sau uku.

Bai juyo ba.