Yadda Na Kusa Kashe Magen Inna

Magen Inna ta yi ƙibar da ko katanga ba ta iya haurawa. Tun da Baba ya rasu, ita ce abokiyar hirar Inna a gidanmu na Durun, kuma duk wanda ya ci abinci sai ya miƙa mata loma don neman lada. Tuwo, fura, man shanu, ba ta mayar da komai.

Ni kuwa, malamin Islamiyya mai ganin ya san komai, na ce zan gyara ta. Da Inna ta tafi Gammo biki, na kulle magen a ɗakin hatsi da kwanon ruwa, wai yunwa ta tuna mata da ɓera. Kwana biyar! Har alfahari nake yi wa matata.

Da na buɗe, ko kallona ba ta yi ba. Na kawo kifi, ta kau da kai, washegari ma haka. Cikin kunnuwanta ya soma yin rawaya. Wallahi na san idan ta mutu Inna za ta koma zama shiru a ɗaki.

Na saka ta a kwali, na hau babur sai Gwarzo. Likitan dabbobi ya ɗora ta a sikeli, kilo shida, sannan ya dube ni.

"Malam, wa ya ba ka wannan fatawar? Mage mai ƙiba idan ta daina ci, kitsen jikinta hanta yake taruwa ya lalata ta. Da ka ƙara kwanaki, sai dai haƙuri."

Ya yi mata ƙarin ruwa, ya ce rage ƙiba sai ta warke tukuna. Sati uku ina ɗura mata abinci mai laushi da sirinji, kaɗan-kaɗan, tana yagar min hannu. Da ta dawo ci da kanta, ya sa na sayo abincin mage na buhu daga Kano: giram hamsin a yini, a auna, a raba huɗu. Ba tuwo, ba fura. A ja mata igiya ta riƙa bi, a gwada nauyinta duk Juma'a, kada ta sauke fiye da nauyin ƙwai ɗaya a sati. Mai neman lada ya ɗiba daga cikin awon.

Sai ranar da magen ta haura katanga, bayan wata takwas, Inna ta kira ni ɗakinta.

"Hadisin nan da kake koya wa yara, na matar da ta shiga wuta saboda ta tsare mage ba abinci," in ji ta, "ka ɗauka mata kaɗai ya shafa?"

Na sunkuyar da kai. Ban sake karantar da shi da ɗaga murya ba.