Yarinyar da Ta Sauka

A unguwar, kowa ya san direban motar makaranta da suna Baban Yara. Gashinsa ya yi fari a kan sitiyari. Idan ya haɗu da magidanci a hanya, sai ya tuna masa kujerar da yake zama yana yaro, har da ranar da ya yi amai. Amma matarsa dariya take yi idan an yabi kansa.

“Ku aike shi sayen abu uku,” in ji ta, “a gaishe shi a hanya, ku ga da me zai dawo.”

Gaskiyarta. Abin da ya daɗe a kansa yana nan daram. Na yanzu kuwa sai ya riƙa nanatawa a baki, da an katse shi ya zube.

Wata rana da aka tashi daga makaranta, malama ta leƙo ta taga. “Baba, 'yar mai ɗinki ta yi barci a kujerar baya. Ka tashe ta a gidansu.”

Ya kama hanya yana maimaitawa: kujerar baya, kujerar baya. A mararraba wani mai babur ya gogi motar, aka yi ta cacar baki. Da ya koma kan sitiyari, maganar malama ta bi iska. Ya sauke yaran da ke tsaye a ƙofa, ya kai motar gareji, ya kulle. Rana ta take, ko kaza ba ta motsi.

Yana cin abinci mai ɗinki ta kira shi a waya. “Baba, ina 'yata?”

“Ai ta sauka. Da idona na gan ta.”

Ba ƙarya yake yi ba. Ga ta nan a kansa sarai: ta diro daga matakala, gorar ruwanta ruwan ɗorawa tana lilo, ta juyo ta ɗaga masa hannu.

“Har da gorarta,” ya ƙara.

Mai ɗinki ta ce, “Baba, gorar nan ta fashe tun makon jiya.”

To wa ya gani? Saukar sauran ranaku ce ta taru ta tsaya masa a gurbin ta yau.

Ba takalmi ya isa garejin. Motar ta ɗau zafi kamar tanda, kujeru duk wayam. Can baya ya ga ɗan takalmi ya leƙo. Yarinyar ce, ta jiƙe sharkaf da gumi, ta galabaita, amma tana numfashi. Ya sungume ta yana kuka.

Tun ranar, sai ya taka har kujerar baya ya taɓa ta da hannu kafin ya kulle. Abin da ke ba shi tsoro, ya san inda ya ɗauko yarinyar, nauyinta ma bai bar kafaɗarsa ba. Amma duk sa'ad da ya tuna ranar, yana ganin ta tana sauka, da gorar, tana ɗaga masa hannu.