Ƙafar Rafi'u da Igiyar Garba

Duk wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda a shekarun sittin ya san Garba Mai-Igiya, ko da bai so ya san shi ba, domin muryarsa takan riga shi isa wuri. Haifaffen Gadarif ne ta ƙasar Sudan. Iyayensa Hausawa ne da suka baro gida da niyyar Hajji, noman dawa ya riƙe su a hanya har suka mutu ba su ga ko bakin teku ba. Shi ne ya ƙarasa musu tafiyar, ya ƙetaro da ƙanwarsa Barakatu a jirgin kwale-kwale, ya sauke farali, daga nan kuma ya manta hanyar komawa.

Garba bai yi karatu ba, bai kuma da ƙarfin da za a yi labari. Ɗauri kawai Allah ya ba shi. In ya ɗaure buhunan shinkafa a bayan mota, sai su je Madina su dawo ba wanda ya yi gezau. Direbobi na layi a jira shi, masu kwance kaya kuwa a can suna tsine masa. Shi kuma yana jin daɗin tsinuwar fiye da yabon. Ko da yaushe akwai guntuwar igiya a ƙugunsa, har masallaci.

Ya aurar da Barakatu ga abokin aikinsa Rafi'u, dogo mai sanyin magana, suka zauna ɗaki kusa da ɗaki a unguwar Ruwais. Abu biyu ke damun Rafi'u. Na farko ba shi da iƙama, takardar zama ke nan, don haka ko hular ɗan sanda ya hango sai ya tuna yana da uzuri a bayan buhuna. Na biyu ƙafafunsa. Shekarun ɗaukar kaya sun kumbura masa jijiyoyin jini a ƙwauri, sun fito ɓaro-ɓaro sun kanannaɗe. Garba kan ce, “Kai suruki, da zan samu igiya mai kaurin jijiyarka da na huta da saye.”

Wata safiya wani direba mai suna Hamad yana baya da motar kaya, bai duba ba, bai sa kowa ya duba masa ba. Wani ƙarfen ɗaurin dila da ya leƙo daga gefen motar ya shafi ƙwaurin Rafi'u. Shafa ce kawai. A ƙafar wani da tofa yawu za a yi a ci gaba da aiki. A ƙafar Rafi'u kuwa daidai kan kumburarriyar jijiya ya faɗa, jini ya ɓalle kamar an fasa salka. Kafin a ce me ya faru ya zube, idonsa ya juye.

Garba ya zare igiyarsa ya ɗaure ƙafar ƙasa da gwiwa, ya sa kara ya murɗa, ya ƙulle da irin ƙullin da yake wa shinkafar Madina. Jini ya tsaya cak. 'Yan dako suka yi kabbara.

Hamad ya diro daga mota. “Yalla, ku sa shi a mota, asibiti!”

“Asibiti?” in ji Garba. “Ka yanke shi, kuma ka kai shi inda za a tambaye shi takarda? Halas, shi ke nan, jini ya tsaya. Tafi abinka.”

Aka kai Rafi'u gida a amalanke. Da ya farfaɗo bayan azahar sai ya fara kuka kamar ba babba ba.

“Yaya Garba, sassauta min, don Allah. Ƙafar nan wuta take.”

“In na sassauta ka tsiyaye ka mutu, wa zai ci da ƙanwata? Daure.”

Barakatu ta kai hannu za ta kwance, ya buge hannun. Ko bai buge ba ma, ba ta iya kwance ƙullin Garba. Can sai Rafi'u ya daina kuka, ya ce ba ya jin komai, Garba ya ce to ka gani, sauƙi ya samu. Igiyar ta wuni ta kwana. Washegari ƙafar ta yi baƙi, ta yi sanyi kamar tulu.

Suka kai shi asibitin da suka guda. Ba wanda ya tambaye su takarda sai bayan an gama komai. Likita ya nemi bakin ƙullin bai samu ba, ya sa wuƙa ya yanke igiyar, bayan 'yan kwanaki kuma ya yanke ƙafar daga gwiwa. Maganar iƙama ma wani ɗan kasuwa da Rafi'u ya daɗe yana wa dako ne ya tsaya masa kafili, wato mai lamuni, saboda tausayi, aka daidaita.

Ɗan dako mai ƙafa ɗaya ba ɗan dako ba ne. Barakatu ta sayar da keken ɗinkinta suka ci. Mai gida ya karɓe ɗakinsu, suka dawo ɗakin Garba, aka raba da labule. Garba kuwa duk inda ya zauna magana ɗaya ce, Hamad ya cinye ƙafar surukinsa. Wani malami ya gaya masa ƙafa a shari'a rabin diyyar mutum ce. Da wannan, in ji Garba, Rafi'u zai buɗe ɗan shago ya zauna a kujera ya ci abinci ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba. Ya ciccibi Rafi'u suka kai ƙara mahkama, kotun shari'a.

Ba a saurare su ba sai da dungulmin ya warke, don ba a ƙiyasta rauni sai an ga inda ya tsaya. Ranar zama Hamad bai musa ba. Ya ce shi ya yi baya bai duba ba. “Amma ya shehi, ƙwarzane ne. Da wani ne ko tsumma ba zai ɗaura ba. Ƙafar mutumin nan dama lalatacciya ce, ni na kumbura masa jijiya?”

Alƙalin, wani dattijo mai ƙaramar murya, ya ce, “Ba kai ka kumbura ta ba, amma kai ka fasa ta. Ba ƙafar wani ka yanka ba, tasa ka yanka, yadda ka same ta. Da jinin nan ya ci gaba da zuba ya mutu a wurin, diyyar rai za a yi magana, ba wanda zai ce maka ai dama ba shi da lafiya.”

Garba ya zunguri Rafi'u, har yana ganin shagon da idonsa. Ya miƙe ba a kira shi ba, ya fara lissafi: ƙafa, aiki, keken ɗinki, ɗaki, da ciwon kan da Barakatu ke fama da shi.

“Zauna,” in ji alƙali. “Kaɗan ya rage ka ce direban ne ya tsayar da ruwan sama a Sudan. Keken matar ce ta sayar, ɗakin mai shi ne ya karɓa. Waɗannan sun yi wa motarsa nisa. Ƙafa muke magana.”

Sai aka kawo bayanin likita. Ya ce yankan bai isa ya kashe ƙafa ba, danna wurin da ɗaga ƙafar sama da ɗinki kaɗan sun wadatar. Abin da ya kashe ta ɗauri ne da ya hana jini zuwa, ya daɗe ba a kwance ba.

“Wa ya ɗaure?” in ji alƙali.

Nan fa aka taɓa wa Garba wurin da ke masa daɗi. Mutum ne da ba zai iya jin ana tambayar mai ɗauri ya yi shiru ba, ko da a gaban wuta ne.

“Ni ne, ya shehi. Kuma ka tambayi likitan, bai iya kwancewa ba, sai da ya sa wuƙa.”

“Madalla. Ɗaurin farko ba laifi, taimako ne, da a nan aka tsaya da duk abin da ya biyo baya yana kan direba. Ya ce a tafi asibiti?”

“Ya ce.”

“Wa ya hana?”

Garba ya shafa igiyar da ke ƙugunsa.

“Mai ƙafar ya nemi a sassauta?”

Garba ya waiga ya dubi Rafi'u. Rafi'u yana kallon tabarma.

“Ya nema,” in ji Garba, muryar ta ragu har sai da alƙali ya sa ya maimaita. Sannan ya yunƙura: “Amma ya shehi, da motar ba ta yanke shi ba ai da ban ɗaure ba!”

“Gaskiya ne. Ita ta fara. Amma raunin ba shi ya yaɗu ya ci ƙafar ba. Tsakanin ƙarfensa da wuƙar likita wani hannu ya shiga, mai hankali, da zaɓinsa, an ba shi hanya ya ƙi, an roƙe shi ya ƙi. Direba zai biya abin da aka ƙiyasta na yanka da jinin da ya zuba, bisa yadda ya yi wa wannan mutum illa, ba yadda zai yi wa mai lafiya ba. Ƙafa kuwa ba a kansa take ba.”

Ya juya ga Rafi'u. “Kana da da'awa a kan surukinka?”

Rafi'u ya ɗago ya dubi Garba tun daga hula har silifa, ba da fushi ba, kamar mai kimanta tsohon buhu.

“Me gare shi, ya shehi?”

Aka tashi. Abin da Hamad ya biya ya isa sandunan dogarawa da faranti da ɗan jarin asuwaki.

Garba bai daina aiki ba, ina halin dainawa, baki ya ƙaru a ɗaki. Surutun ne ya tafi. Direbobi suka ce ko aljanu sun shafe shi. Barakatu ba ta taɓa faɗa masa baƙar magana ba, kuma da ta faɗa da ya fi. Takan ajiye masa tuwo ta ce, “Yaya, ga shi,” ta koma bayan labule. Shekara da shekaru hirarsu ke nan.

Kullum da safe yakan raka Rafi'u bakin kasuwa, ya ɗaukar masa faranti, ya shimfiɗa masa buhu, sannan ya wuce tasha. Lokacin Hajji alhazai daga gida sukan tsaya sayen asuwaki, su ji Hausa, su ji daɗi, su yi tambayar da kowa ke yi.

Wata rana wani alhaji ya tsuguna yana zaɓe. “Bawan Allah, me ya sami ƙafar?”

“Mota ce,” in ji Rafi'u. “A tasha.”

“Kai, direbobin nan! Allah ya isa.”

Garba yana tsaye da farantin a hannu. Ya buɗe baki.

“Yaya,” in ji Rafi'u, bai ko ɗago ba, “ajiye ka tafi, za ka makara.”

Ya ajiye, ya tafi.