Kafin Ruwa Na Uku

Da na zama shugaban sashen gona a Anka, dattijon da na gada ya bar mini takardar miƙa aiki, ya jera abin da ya saura, da wa'adinsa, da waɗanda zan nema. A gaban takin da za a kai ƙauyen Gwashi ya rubuta: "Kafin ruwa na uku. In ka makara, nemi mai jakai na bakin rafi."

Na yi dariya. Wannan ma wa'adi ne a takardar gwamnati? Na soke, na sa ƙarshen wata.

Ruwa na uku bai duba kalandata ba. Motar takin ta kafe a bakin rafin nan. Mai jakai ya taso daga inuwa ya ce, "Sannu, ranka shi daɗe. Tun shekaranjiya nike jiranka."