Gida huɗu, ranar kokowa

Takardar miƙa aiki a asibitinmu gida huɗu gare ta: halin da majinyaci yake ciki, tarihin ciwonsa, abin da ka gano, da abin da kake son a yi. Abokin aikina kuwa kullum "ba matsala" yake rubutawa ya tsere.

Ranar da ya bar gidan ƙarshe fayau, wani yaro daga Gabi mai zazzaɓin sauro ya rasa allurarsa ta yamma. Ni majo, shugabanmu, ya wanke tas gaban uwar yaron. Na haɗiye.

Na jira ranar wasan ƙarshe na kokowa. Abokin aikin nan nawa mayen kokowa ne, kuma ni zan karɓi aiki daga hannunsa ranar.

"Malam, ban sa hannu sai mun bi gado gado," na ce.

Kowane gado sai na tambaye shi: "Me ya kawo shi? Yana da wani ciwo a da? Nawa zafin jikinsa? Me zan yi masa?" In ya amsa, in maimaita a hankali.

Muna gadon ƙarshe unguwa ta kaure da ihu, an yi kaye. Ya dube ni kamar ya yi kuka.

Na miƙa masa biro. "Saura gida na huɗu, Malam."