Mahaucin da Muke Tsoron Gaisuwarsa

Shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, babu abin da nake ɗoki kamar jiniyar tashi. A bayan katangar kamfanin akwai wata 'yar kasuwa da take cika daidai lokacin da masu aikin safe suke fita, masu aikin yamma suke shiga, kuma a can ake zagina kullum. Ni kuwa mutum ne mai son a taɓa ni in rama. Matata ta sha cewa da baki ne yake aikin fata, da tuni an ba ni manaja.

Wanda bai san kasuwar ba, in ya ji mu zai zaci faɗa ake. Ka tsaya gaban mai tumatir ka taya, ya ce albarka, wato bai sallama ba, sannan ya ɗora da cewa da ganin takalminka an san ba ka saba cin miya da tumatir ba. Kai kuma ka ce ai wannan tumatirin nasa ya girme shi. Ana haka kana ɗan ƙarawa, yana ɗan saukowa, har ku haɗu. Da ya ce ya sallama, zagi ya ƙare, sai gyara da Allah ya sa albarka. Abin yana da iyaka, kowa ya sani ba tare da an koya masa ba. Ba a taɓa iyaye, ba a taɓa addini, ba a taɓa nakasar da Allah ya yi wa mutum. Ana zagin kaya, da rowa, da garin da ka fito. Kuma duk wanda ya tafi da kalmar ƙarshe yau, gobe ɗayan ne zai buɗe. In ka ga ɗan kasuwa yana yi maka ladabi, to baƙo ne kai a wurinsa, kuma za ka sayi kaya da tsada kana godiya.

A ƙarshen layi, kusa da inda 'yan adaidaita sahu suke juyawa, akwai teburin wani tsohon mahauci, Bakano gaba da baya. Baba kowa yake ce masa. Ni daga wani ƙauyen Jigawa na fito, da jinin Fulani a jikina, tsakanin Fulani da mahauta kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Tun daga nesa yake fara tsokanata.

"Ga ɗan Fillo nan, an sayar da shanu an dawo bautar fatarsu. Matso ka gaida ƙanwar kakarka, ga cinyarta nan a rataye."

"Baba, wannan saniyar tsufa ne ya kashe ta, kuka riga ungulu zuwa wurin."

Haka muke yi har ya yanko, in ce ya ƙara, ya ce kwaɗayina ya fi aljihuna nauyi, ya jefa ɗan kitse a kai ya naɗe a takardar siminti.

Amma fa ana tsoron tsohon nan, kuma ba don bakinsa ba. An ce akwai wani direban tirela da yake kai kaya Bompai, wanda suka shekara suna caccakar juna. Wata rana Baba ya miƙe ya gaishe shi da mutunci, ya sallama masa nama a tayin farko. Direban bai ga wata mai zuwa ba. An kuma ce haka ya yi wa wata mai sayar da abinci. Ba wanda yake tayar da zancen da ƙarfi. Ni lokacin dariya nake yi, ina cewa mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba idon dabba da dasashinta kafin ya saya, ai dole ya riƙa yi wa mutane kallon awaki.

Abokina da muke ɗaki ɗaya kafin in ɗauko iyalina daga ƙauye mutumin Damagaram ne, dogo, mai dariya da dukan jikinsa. A wajen gangunan jiƙa fata yake aiki. Tsakanin Damagarawa da Kanawa ma akwai wasa, don haka shi da Baba abin nasu ya fi nawa zafi. Baba ya ce masa ɗan ƙetare, an gama cinye geron gida an biyo ƙanshin miyar Kano. Shi kuma ya ce Bakano ko inuwarsa aka taya zai sayar. Mutane har tsayawa suke yi su saurara.

Wata la'asar da damina muka fito tare. Abokina ya kwana biyu yana cewa abinci ba ya masa daɗi, takalmin robarsa kuma ya fara matse shi, amma ba mu ɗauke shi komai ba. Ranar Baba ne ya kamata ya buɗe, don abokina ne ya tafi da kalmar ƙarshe jiya. Muka tsaya. Tsohon ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sai ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a jikin riga.

"Sannunku da zuwa, Malam. Ya aiki? Ya mutanen gida?"

Na ji mai albasar da ke gefe ya katse maganar da yake yi.

Abokina ya yi dariya, amma ba irin tasa ba. Ya nuna wata tsoka mai kyau, ya yi mata tayin da ko ƙashi ba za a ba ka a kansa ba, irin tayin da ake yi da gangan don a jawo zagi. Na tsaya ina jiran tsohon ya fashe.

"Na sallama," in ji Baba. Ya naɗe, ya ƙara hanta a kai, ya miƙa da hannu biyu.

Naman nan ni kaɗai na ci shi, kuma bai wuce min da daɗi ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda ladabin ya bazu. Washegari mai tumatir, wanda bai taɓa barin abokina ya wuce lafiya ba, ya ce masa sannu da aiki. Mai gwanjo ya ba shi benci. Ga kasuwa cike, ana ta hayaniya, ana zagin kowa, ni ma ana zagina, amma duk inda ya sa ƙafa sai murya ta sauka, in ya wuce ta koma sama. Ya riƙa bi layi-layi yana tsokanar mutane. Ya ce wa mai kifi kifinsa tun zamanin Turawa aka shanya shi. Mai kifi ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malam."

Raina ya ɓaci. Na koma wurin Baba ni kaɗai, na ce masa wannan ba wasa ba ne, mugunta ce, ya sa wa bawan Allah tsoro a zuciya ba gaira ba dalili.

"Baba, don Allah ku zage shi ko sau ɗaya ne. Ko ba ku so, ku yi don ni."

Bai ɗago ba, yana ta sara ƙashi. Ya ce, "Ɗan Fillo, ni ban san gaibu ba, Allah ne masani. Amma zagin kasuwa da wanda zai dawo gobe ya rama ake yinsa. In na zagi mutum ya tafi bai dawo ba, ba wasa na yi ba ke nan, zaginsa na yi, kuma da shi zan tashi. In na dubi mutum na ji bakina ya yi nauyi, ba na tilasta shi. Ka kai abokinka asibiti."

Na kai shi. Likitoci suka ce ciwon ƙoda ne, kuma ya daɗe. Aka yi abin da za a iya, daga baya 'yan'uwansa suka ce a mayar da shi gida. Ranar da zai tafi ya matsa sai mun biya ta kasuwa. Daga cikin adaidaita sahu ya leƙo, muryarsa ta shige ciki, ya ce, "Bakano, har yanzu mushe kake sayarwa?" Na ga leɓen tsohon yana motsi, wallahi na ga ya yi ƙoƙari. Abin da ya fito shi ne, "Mu yafi juna, Malam." Kafin a girbe gero aka aiko mana da rasuwarsa.

Daga nan na daina dariyar. Kullum in na doso teburin nan sai in riƙa kasa kunne tun daga wajen mai albasa. In na ji "ga ɗan Fillo nan," sai in ji kamar an sauke min buhu daga ka. Ko da na koma aiki a wani kamfanin roba a Sharada, nakan hau mota takanas in je a zage ni in dawo. Matata ta ce nama bai ƙare a Sharada ba.

Shekaru suka ɗan ja. Wata Asabar na je, kasuwa ta cika maƙil. Na iso ina shirya amsata a baki, don ranar shi ne da buɗewa. Ya dube ni, ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a riga.

"Sannunku da zuwa, Malam. Ya iyali?"

Na tuna 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, na tuna wani ciwon kai da na yi a makon, na dubi tafin hannuna ko zan ga abin da ya gani. Na kasa taya komai, na ja gefe na jingina da turken rumfa.

Ina nan tsaye wani matashi mai ƙiba ya zo, wanda Baba yake kira tulun mai. Tsohon ya ce masa, "Sannunku da zuwa, Malam." Wata mata ta zo, ya gaishe ta da Hajiya, ya sallama mata a tayin farko. Wani ya zo, haka. Duk wanda ya tsaya, haka. Na ga mai albasa ya sunkuyar da kai yana ta gyara kashin albasa wanda ba ya bukatar gyara. Sai a lokacin na dubi Baba da kyau, na ga yadda rigar ta yi masa yawa, da yadda yake dafa teburi kafin ya ɗaga gatari.

Daɗi ne ya fara zuwar min da na gane ba ni ne mai tafiya ba, ba zan ɓoye ba, sannan tausayi ya biyo ya danne shi. Na ce a raina bari in yi masa abin da na roƙe shi ya yi wa abokina. Na matsa gaban teburin. Ina da zagi iri-iri a ajiye, na shekaru, wasu ban ma taɓa amfani da su ba. Na buɗe baki, sai na ji ya yi nauyi.

"Sannu, Baba," na ce. "Nawa ne wannan?"

Ya faɗa. Ban taya ba, na miƙa masa yadda ya ce. Ya tsaya yana kallon hannuna, sannan ya ɗago ya kalle ni, ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe kai ma ka fara gani," in ji shi. Ya naɗe naman, ya ƙara hanta a kai. "Mu yafi juna, ɗan Fillo."

Asabar da ta zagayo na tarar an kife teburin, an ɗora dutse a kai.